Sun ce in kawo mutum uku da za su shaide ni: wa zan sa, me zan rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kula da mangaza ne a wata ƙungiyar agaji nan Tawa, shekarata biyu a wurin. Na yi ganawar neman aiki da wata ƙungiya ta Yamai, yau Laraba suka turo mini imel cewa in ba su mutum uku da za su shaide ni, ciki har da shugabana na yanzu, kafin Litinin da tsakar rana. Shugabana bai san ina neman wani aiki ba. Wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa a Madawa kuma shirin ya rufe, ban san inda yake ba. Kawuna ya ce in sa wani Alhaji abokinsa wanda duk Adar an san shi. Yaya zan amsa musu, kuma me zan faɗa wa mutanen?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaida Kawu, ka gode masa, amma Alhaji kam a bar shi ya huta. Bari in zaunar da kai kusa da teburin da za a buga wayar, don na daɗe a irin wannan tebur a Yamai, za ka ga dalili da kanka.

Mai kiran ba hira yake zuwa yi ba. Akwai takarda a gabansa mai tambayoyi a jere, kowace da gurbin amsa, kuma in ya gama sai ya sa hannu ya saka ta cikin dosiyenka. Tambayar farko kullum ita ce: a wane matsayi ka san shi, daga yaushe zuwa yaushe? Daga nan sai mene ne aikinsa, mutum nawa ke ƙarƙashinsa, ina ya fi ƙarfi, ina yake da rauni, me ya sa ya bar wurin. Tun da aikin mangaza ne za a ƙara da tambayar kaya: an taɓa samun giɓi a ƙidaya, in an samu yaya aka ƙare? Ta ƙarshe ita ce mai nauyi: in da hali, za ka sake ɗaukarsa? To, ka ɗora Alhaji a kan wannan waya. Zai ce ai yaron nan ɗanmu ne, na san mahaifinsa, gidan mutunci ne. Gaskiya ya faɗa, amma ba gurbin da za a rubuta ta. Mai kiran zai yi godiya, ya rubuta cewa bai taɓa aiki da shi ba, ya dawo gare ka neman wani suna, an ɓata kwana biyu. Wani lokacin ma abin ya fi haka muni. A ƙungiyoyin da ke tsoron a ce an ɗauki mutum ta hanya, sunan babban mutum cikin jerin nan yakan sa a ƙara zuba wa dosiye ido. Shaida suke nema, wanda ya ga hannunka a kan aiki, kuma a wajensu shaidar ƙaramin shugaban da ya ƙirga buhuna tare da kai ta fi ta gwamna. Haka limamin unguwa, haka aboki, haka duk wanda kuke da dangantaka ta jini ko ta aure. In ma shugabanka na da surukinka ne, ka faɗa tun farko, kada su gano da kansu.

Neman sunayen alama ce mai kyau, don galibi ba a ɓata lokacin kira sai a kan mutum ɗaya ko biyu da suka rage. Amma ba alkawari ba ne. Kada ka rubuta takardar barin aiki, kada ka fara tambayar kuɗin haya a Yamai.

Lokacinka kuma bai kai yadda kake gani ba. Daga Laraba zuwa Litinin kamar kwana biyar ne, amma Alhamis kawai gare ka da safiyar Juma'a, don bayan masallaci samun mutum a biro sai sa'a. Yau ɗin nan ka mayar da layi biyu cewa saƙo ya iso, kana tuntuɓar mutanen don neman izininsu, za ka turo sunayen kafin wa'adi. Wannan ɗan saƙon yana kwantar wa mai ɗaukar aiki hankali, don shi ma akwai wanda ke tambayarsa ina aka kwana.

Yanzu maganar shugabanka na yanzu, wadda na san ita ta hana ka barci. Ba dole ba ne ka ce e, ba kuma hikima ba ce ka ce a'a. Akwai amsa ta uku wadda duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya saba ji kuma ba ta ɓata masa rai: za ka ba da sunan, amma kana roƙon kada a tuntuɓe shi sai an ba ka tayin aiki a rubuce, ko da tayin ya kasance bisa sharaɗin samun shaidarsa. Dalilin a fili yake. In suka kira shi yau, gobe suka ɗauki wani, kai ne za ka zauna da shugaban da ya san ƙafarka ɗaya tana waje, kuma a aikin ƙungiyoyi inda kwantiragi na shekara ɗaya ne ko wata shida, wanda aka san yana neman tafiya shi ake fara tunawa ranar rage ma'aikata. Sakin reshe kama ganye ke nan. Ka lura da kalmar da suka yi amfani da ita a imel ɗin. In sun rubuta `N+1`, ko `superviseur direct`, to wanda ke samanka kai tsaye suke nufi, wanda ke sa hannu a takardar hutunka da ta auna aikinka. Ba daraktan ƙasa ba, wanda wataƙila sau biyu ya taɓa ganinka.

Kafin lokacin, ka ba su madadi. A cikin shekara biyu a Tawa da wuya a ce ba a sauya maka shugaba ba, ko ba wani babba da ya yi aiki da kai sannan ya bar ƙungiyar. Irin wannan mutum zinari ne: ya san aikinka na baya-bayan nan, kuma ba abin da zai rasa in ka tafi. In babu shi, akwai kwantabul ko mai kula da shiri wanda kayansa ke bi ta mangazarka kuma ka amince da bakinsa. Sai dai ka auna amincewar da kyau. Tawa ba ta da faɗin da magana za ta ɓace, abin da aka faɗa a biro da safe ana iya jin sa a fada da dare.

Wasu ƙungiyoyin za su ce ƙa'idarsu ba ta bari a fitar da tayi sai an ji daga shugaba na yanzu. In haka ta faru, sai ka tambaye su kai tsaye ko kai kaɗai ka rage, kuma ko an daidaita a kan albashi. In amsar e ce, ka nemi kwana ɗaya ka faɗa wa shugabanka da bakinka. Ka same shi shi kaɗai, ba ta saƙon waya ba, ka ce masa wata dama ce ta taso, an kai matakin ƙarshe, kuma ba ka so ya ji daga bakin baƙo. Abin da ke ɓata shaida ba neman aikin ba ne, don shi ma ta haka ya zo kujerarsa. Abin da ke ɓata ta shi ne waya ta same shi ba shiri. Na taɓa kiran wani shugaba da ɗan takarar ya rantse mini sun yi magana. Na gabatar da kaina, na faɗi sunan yaron, sai shiru ya ratsa, har na duba ko layi ya yanke. Can sai ya ce, au, tafiya zai yi? Bai faɗi mugun abu ko ɗaya ba bayan haka. Kowace tambaya ya amsa da kalma biyu, ba laifi, yana ƙoƙari. Da na kai ta ƙarshe ya ce, to, sai dai a duba. Na rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, kwamiti ya karanta, aka ɗauki na biyu.

Shugabanka na Madawa kuma kada ka fid da rai da shi. Shiri ne ya rufe, ba mutumin ba. Shaidarsa tana nan daram ko yanzu yana wata ƙungiya, ko yana gida yana noma, don abin da ake tambayarsa abin da ya wuce ne. Ka fara da direbobin shirin, su ne ba sa yar da lambar kowa. Sannan tsohon zauren WhatsApp na ma'aikata in bai mutu ba, sannan LinkedIn, sannan ofishin ma'aikata na ƙungiyar a Yamai in har tana ƙasar. In ka same shi a waje, ka rubuta lambarsa da lambar ƙasar a gaba, ka kuma faɗi bambancin lokaci: Wagadugu da Dakar suna bayanmu da awa ɗaya, Nairobi tana gabanmu da awa biyu. In Juma'a ta yi ba ka same shi ba, ka sa mataimakinsa ko wanda ke samansa, ka faɗi gaskiyar dalili a layi ɗaya, ka haɗa da takardar shaidar aikinka ta wurin. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci wannan takarda idan aiki ya ƙare. Amma ka san iyakarta: ranar shiga take faɗa, da ranar fita, da irin aikin da ka riƙe. Ba ta yabo, ba ta zargi. Shi ya sa ba ta maye gurbin mutum, sai dai ta tabbatar da ranaku.

Ranakun nan kuwa su ne inda mutanen kirki suka fi faɗuwa, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Ka ɗauko takardar tarihin aikinka, sebe ɗin da ka tura musu, ba wani sabo ba. Ka ajiye ta gefen takardar shaidar aiki da takardun albashi. Mu ce a sebe ka rubuta mai kula da mangaza a Madawa daga Maris 2020 zuwa Disamba 2022. Amma da ka duba takardu sai ka ga watanni shida na farko horon aiki ne, daga Satumba 2020 aka ɗauke ka mataimaki, kuma sai Yuni 2021 aka ba ka makullin mangaza bayan wanda ke kai ya tafi. Kai ba ka ɗauki abin ƙarya ba, don tun farko kusan aiki ɗaya kake yi. Shi kuwa tsohon shugabanka in aka tambaye shi zai ce, e, ya riƙe mana mangaza kamar shekara ɗaya da rabi. Mai kira yana da wata 34 a takarda, kunnensa ya ji wata 18 ko 19. In sanarwar aikin ta ce ana son gogewar shekara huɗu a matsayin mai kula da mangaza, lissafinka na farko ya haye, na gaskiya kuma, in an haɗa da shekara biyun Tawa, ya tsaya a uku da rabi. Rashin wata shida ɗin ana iya yafe shi, sau da yawa ma ana yafewa. Abin da ba a yafewa shi ne mutumin da za a ba makullin kayan miliyoyi ya kasance lissafinsa na farko da aka duba bai cika ba.

Maganinsa ba shi ne ka roƙi shugaban ya faɗi abin da ka rubuta ba. Wannan shaidar zur ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, don ana iya tambayar ofishin ma'aikata a samu ranakun daga fayil. Maganinsa shi ne ka gyara da kanka a cikin amsar da za ka tura. A ƙarƙashin sunan shugaban ka rubuta cewa ya shugabance ka daga Maris 2020 zuwa Disamba 2022, da farko kana horon aiki, sannan mataimaki, sannan mai kula da mangaza daga Yuni 2021. Abin da zai zama tabo ya koma labarin wanda aka yi wa ƙarin girma sau biyu cikin wata 15. Ni in na ga irin wannan, daraja yake ƙara wa mutum a idona.

To, yaya ake shirya mai shaida? Da kira ake farawa, ba da saƙo ba, kuma kafin a ba da sunansa, ba bayan an bayar ba. Ban da ladabi, lambar mutum da adireshinsa nasa ne, Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, kada ka ce masa na sa sunanka. Kada ma ka tsaya a kan ko zan iya sa sunanka, don Bahaushe ba zai ce maka a'a a wannan tambaya ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ka ba shi ƙofar fita. Ka ce, shef, za su yi tambayoyi a kan yadda na riƙe kaya, na san an daɗe kuma ayyuka sun yi maka yawa, in kana ganin ba za ka tuna sosai ba ko lokaci ba zai bari ba, wallahi ba komai, sai in nemi wani. Sannan ka yi shiru ka saurara. Wanda zai tsaya maka ba ya jira ka gama, zai ce haba, ba su lambata, har ya fara tuno maka ranar da kamyo ya iso da dare kuka sauke da fitilar waya. Wanda ya ce to, ba damuwa, Allah ya sa a dace, ya tsaya nan, ya riga ya ba ka amsa. Ka gode masa, ka nemi wani. Shaida mai sanyi ta fi rashin shaida illa, don mai kira ya san mutum da kansa ya zaɓi sunayen, in wanda ya zaɓa bai ɗoki ba, ina ga waɗanda bai zaɓa ba.

Wanda ya amince kuma, ka tura masa abu uku nan take: sanarwar aikin, sebe ɗinka, da ɗan saƙo gajere da zai iya dubawa a waya lokacin da ake masa tambaya. A saƙon ka sa sunan ƙungiyar da matsayin, sunan wanda zai kira in ka sani, ranakun da kuka yi tare da matsayinka a kowane lokaci, sai abu biyu da kuka yi waɗanda ke da adadi. Misali ka tuna masa cewa mangaza biyu ka riƙe, ƴan dako takwas ke ƙarƙashinka a ranakun rabo, kuma a ƙidayar ƙarshen 2022 katin kaya da abin da ke ƙasa sun yi daidai. Ba amsa kake rubuta masa ba. Mutumin da ya shugabanci mutum talatin shekaru da suka wuce ba zai tuna waɗannan ba sai an tuna masa, kuma in ba a tuna masa ba zai koma ga abin da kowa ke faɗa: yaron kirki ne, mai ladabi, ba ya wasa da salla. Kunnen mai kira ya ji wannan sau ɗari. Abin da ke tsaya masa a kai shi ne wani abu da ya faru, da wurinsa da lokacinsa.

Tambayar rauni ma ku taɓa ta tun yanzu. Manyanmu da yawa in aka ce ina rauninsa sai su ce ba shi da shi, suna ganin taimako ne. Ba taimako ba ne, yana sa a rage wa sauran maganarsu nauyi. Ka ce masa, shef, in sun tambayi rauni ka faɗi na gaskiya. In rahotonka na wata yakan makara a farko sannan ka gyara, wannan amsa ce mai kyau, musamman in ta yi daidai da abin da kai ka faɗa a ganawa. Haka dalilin barin aiki: in ka ce shiri ne ya rufe, shi ma abin da zai faɗa ke nan, ba matsala. In kuma akwai wani abu da ya taɓa faruwa, buhu goma sha biyu na shinkafa suka jiƙe da damina, ko aka ba ka takardar neman bayani a kan wani giɓi, kada ka yi fatan ya manta. Ka tayar da maganar da kanka, ka ji yadda shi yake tuna ta. In tunaninku ya sha bamban, gara ka sani a wayarka da ka sani a wasiƙar ban haƙuri.

Sai ƙananan abubuwa waɗanda ba wanda ke ɗauka da muhimmanci kuma su suka fi cinye kwanaki. Mutane da yawa ba sa ɗaga baƙuwar lamba, ka gaya masa ana iya kira daga lambar da bai sani ba, ko ma daga waje. Ka tambaye shi wane layi ne ke hannunsa kullum, don mai sim uku lamba ɗaya yake amsawa. In zai fita daji wajen Abalak ko Keita inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ka ji ranar fita da ranar dawowa ka rubuta musu. Ƙungiyoyi da yawa yanzu ba kira suke ba, takardar cikewa suke turawa ta imel, wani lokaci daga wata manhaja mai aika saƙo da kanta, kuma irin wannan saƙo ya saba faɗawa cikin `Spam`. Ka roƙe shi ya riƙa leƙa can. Ka tambaye shi kuma da wane harshe ya fi sakewa, don in takardar ta Ingilishi ce shi kuwa Faransanci ya iya, gara a sani a turo masa wadda zai iya cikewa. Game da adireshi, na wurin aikinsa ya fi na Gmail ko Yahoo karɓuwa, saboda kowa na iya buɗe irin waɗannan da sunan wani, kuma an sha yi. In na kansa kawai gare shi, ka faɗi inda yake aiki yanzu domin a iya tabbatar da shi ta wata hanya. Kada kuma ka yarda ka cike masa takardar ya sa hannu, ko da shi ya nema don sauƙi. Salon rubutu yana tona asiri, na taɓa ganin kuskuren rubutu iri ɗaya a wasiƙar ɗan takara da takardun masu shaidarsa biyu.

Akwai wani abu dabam da za ka iya cin karo da shi tun da ƙungiyar agaji ce. Tun 2019 ƙungiyoyin agaji na duniya da dama suka shiga wani tsari na tambayar juna ko an taɓa samun ma'aikaci da laifin cin zarafi ko lalata, kuma binciken yakan waiwayi shekara biyar na baya. Wannan ba ga mutanen da ka zaɓa ake tura shi ba, ga ofishin ma'aikata na wuraren da ka yi aiki ake turawa, bayan ka sa hannu a takardar amincewa. Kada ka firgita in ka gan ta, kowa ake yi wa. Abin lura kawai shi ne ita ma tana iya isa wurin aikinka na yanzu, saboda haka roƙon da ka yi na a jira tayi a rubuce ka ce ya haɗa da ita.

Amsar kanta gajera ce. Ka mayar a kan imel ɗin da suka turo, kada ka buɗe sabo, kuma in akwai wasu a cikin saƙon ka danna `Répondre à tous` don kada ya tsaya a akwatin mutum ɗaya da ya tafi hutu. In sun haɗo da tasu takardar, ita za ka cike. In ba su haɗo ba, ka rubuta a cikin saƙon. Da Faransanci za ka rubuta tun da shi suka yi maka, amma ga ma'anar:

Barka da aiki. Na gode da saƙonku. Ga mutanen da za su shaide ni, biyun farko na sanar da su kuma sun amince a tuntuɓe su. Na farko, wane, shugabana kai tsaye a Madawa daga Maris 2020 zuwa Disamba 2022, ina horon aiki, sannan mataimaki, sannan mai kula da mangaza daga Yuni 2021. Yanzu yana aiki a wuri kaza. Ga waya, ga imel. An fi samunsa da safe. Na biyu, wance, shugabar sashenmu a Tawa a shekarata ta farko, ta bar ƙungiyar. Ga waya, ga imel. Ba za ta samu ba ranar Talata. Na uku shugabana ne na yanzu. Ban sanar da shi wannan nema ba tukuna, don haka ina roƙon a jinkirta tuntuɓarsa, da ofishin ma'aikatanmu, har sai an kai ga tayi a rubuce, a lokacin zan turo lambarsa cikin yini ɗaya. In kuna buƙatar mutum na uku kafin nan, ga wane, kwantabul ɗin shirin Madawa.

Ka lura ban sa lambar shugaban na yanzu ba. Da gangan ne. Ba don masu ɗaukar aiki mugaye ba ne, sai don wanda ya karanta roƙonka ba lallai shi ne zai buga wayar ba. Sau da yawa jerin sunayen ake kwafa a miƙa wa mataimaki, shi kuwa lamba ya gani, kira zai yi. Ka kuma karanta kowace lamba sau biyu, lambobinmu takwas ne, ka sa +227 a gaba. Mafi sauƙi ka kwafo lambar daga saƙon da ka rubuta ka buga ta da kanka, ka ji ko mutumin ne ya ɗauka.

Duk wannan na faɗa ne don ka riga ka yi ganawa da su ka san su waye. Da a ce ba ganawa aka yi ba, saƙo ne kawai ya faɗo yana neman lambobin mutane da hoton katinka da jika goma na buɗe dosiye, da ban ce ka amsa ba sam.

Bayan ka tura, ka sanar da mutanen cewa sunayensu sun tafi, kira na iya zuwa cikin mako. In kwana huɗu ko biyar na aiki suka wuce, ka tambaye su a hankali ko an neme su. Wanda aka kira, ka ji irin tambayoyin da aka yi masa, don suna nuna maka inda kwamiti ke da shakka a kanka, kuma in aka sake kiranka ka san abin da za a taɓo. In ba a kira kowa ba, ka tura wa mai ɗaukar aikin layi ɗaya kana tambaya ko akwai wanda aka kasa samu. Fiye da sau ɗaya na ga dosiye ya kwana mako biyu a kan tebur saboda takarda ɗaya da ba ta dawo ba, ɗan takara yana can yana zaton an fasa da shi, mai shaidar kuma yana rantsuwa ba abin da ya shigo masa. Aka ce ya duba `Spam`, sai ga ta can a ƙasa, tsakanin tallan waya da saƙon banki.